YADDA AKE SAUYA HARSHEN DA KWAMFUTAR TAFI-DA-GIDANKA TAKE NUNAWA

Gabatarwa

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa a shagunan garin Gombe na hannu ne, watau an riga an yi aiki da su a wata ƙasa kafin a shigo da su Nijeriya. Akan sami wadda in an kunna ta sai a tarar duk rubutun da ke fuskarta da Jamusanci yake, ko Faransanci, ko wani harshen da mai ita bai taɓa karantawa ba. Abin da yawancin mutane suke yi shi ne su kai ta wurin mai gyara a goge kome da kome a sake zuba mata Windows. Ta haka akan yi asarar kuɗi, da takardun da aka riga aka adana a ciki, wani lokaci ma har da lasisin gaskiya da na'urar ta zo da shi, in mai gyaran ya zuba mata na jabu.

Galibi ba a bukatar wannan ko kaɗan. Kamfanin Microsoft, mai yin Windows, ya tanadi abin da ake kira ƙunshin harshe, wanda ake saukewa kyauta ta intanet. Ƙunshin harshe tarin fassara ne na sunaye da umarni da saƙonnin da Windows take nunawa. Idan an girka shi, rubutun fuskar na'ura yakan koma sabon harshen, amma takardu da hotuna da sauran ajiyar mai na'ura suna nan yadda suke. Ba ya goge su, ba ya kuma fassara su.

Wannan darasi zai bi aikin daki-daki da misali guda: wani malamin makarantar firamare a unguwar Bolari ya sayi kwamfuta ta hannu mai Windows 11, ya tarar da ita cikin Jamusanci, yana kuwa so ta koma Turanci domin ya riƙa shirya sakamakon jarrabawar ɗalibansa.

Abu na farko: a san irin Windows ɗin da ke ciki

Ba kowace Windows ce take yarda a sauya mata harshe ba, saboda haka tilas ne a bincika wannan tun kafin a kashe ko kwabo a kan data. A danna maɓallin da ke da alamar taga, watau maɓallin Windows, tare da harafin R. Wani ɗan akwati zai buɗe. A rubuta wannan a ciki, sa'an nan a danna Enter:

```
winver
```

Za a ga sunan Windows ɗin da ke cikin na'urar. Idan an ga Home ko Pro ko Education, hanya a buɗe take. Amma idan an ga Home Single Language, to, lasisin na harshe ɗaya ne rak. Irin wannan na'ura takan bari a ƙara harsunan rubutu, amma ba ta barin a sauya harshen da take nunawa, takan ma faɗa da kanta a shafin harshe cewa Your Windows license supports only one display language.

Wani lokaci sunan ma da baƙon harshe ko baƙin haruffa yake fitowa. In haka ta faru, sai a rubuta wannan a cikin akwatin:

```
slmgr /dli
```

A cikin abin da zai fito a nemi kalmar da ke bayan Windows(R). Kalmar Core tana nufin Home, Professional tana nufin Pro. CoreSingleLanguage ita ce mai harshe ɗaya, CoreCountrySpecific kuwa ita ce wadda aka yi domin kasuwar ƙasar Sin, ita ma ba ta yarda da sauyi.

Wanda ya tarar da mai harshe ɗaya, hanya biyu ce gare shi. Ko dai ya sayi lasisin Pro ya ɗaga darajar na'urar, ko kuwa ya kwashe ajiyarsa zuwa wani wuri, a sake zuba Windows daga tushe da Turanci. Mafi sauƙi duka shi ne mai saye ya yi wannan bincike a gaban mai shago, tun kuɗinsa suna aljihu. Bai kai aikin minti biyu ba.

Malamin Bolari ya bincika ya ga Windows 11 Pro. Sai ya wuce gaba.

Shiri kafin a fara

Abubuwa uku ake bukata. Na farko, a jona na'urar da wuta, ko a tabbata batirinta a cike yake, domin batirin na'urar hannu ba abin dogaro ba ne, kuma mutuwarta a tsakiyar girki takan sa a sake aikin daga farko.

Na biyu, intanet mai ƙarfi wadda ba ta yankewa. Mai amfani da datar wayarsa ya lura da abu guda: Windows takan ɗauki irin wannan haɗi a matsayin mai awo, watau wanda ake biya gwargwadon abin da aka sha, sai ta jinkirta sauke manyan kaya domin ta yi wa mai ita tattali. Idan saukewa ta tsaya cik, a shiga bayanan haɗin Wi-Fi ɗin a kashe Metered connection, wanda a Jamusanci ake rubuta shi Getaktete Verbindung. In an gama sai a mayar da shi.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, mai na'ura ya dubi kalmar sirrinsa. Idan akwai harafin Y ko Z a cikinta, ko wata alama irin su @, ya karanta sashen da ke magana a kan maɓallan rubutu tukuna, domin a nan ne mutane suka fi kulle kansu a waje.

Girka ƙunshin

Wanda bai iya Jamusanci ba zai sha wuya in ya ce zai lalubi shafin harshe da kansa. Akwai gajeriyar hanya wadda take aiki ko da wane harshe na'urar take. A sake danna maɓallin Windows da R, a rubuta:

```
ms-settings:regionlanguage
```

A bi abin da aka zana a jikin maɓallan, domin wurin ɗigo biyu da na karan ɗori a na'urar Jamus ba ɗaya ba ne da na Turanci. Wannan umarni yana kai mutum shafin da ake bukata kai tsaye, a Windows 10 da Windows 11 duka. Daga nan sai a bi matakan nan:

1. A danna Sprache hinzufügen, wanda a Turanci shi ne Add a language.
2. A cikin akwatin nema a rubuta English. Jerin ire-iren Turanci zai fito. Ainihin fassarar Windows ta Turanci iri biyu ce, ta Amirka da ta Ingila. Malamin ya zaɓi English (United Kingdom), domin ƙa'idar rubutunta ita ce ake koyarwa a makarantun Nijeriya.
3. Kafin a wuce, a dubi ƙananan alamun da ke gefen sunan harshen. Alamar harafin A tare da wani harafin Sinanci ita ce shaidar cewa ana iya mayar da fuskar na'ura zuwa wannan harshe. Harshen da ba shi da ita, na rubutu ne kawai.
4. A danna Weiter, watau Next.
5. Shafi mai ƙananan akwatuna zai fito. A tabbata an sa alama a Sprachpaket, watau Language pack, da kuma akwatin da ke ɗauke da kalmar Windows-Anzeigesprache, wanda a Turanci yake cewa Set as my Windows display language.
6. Sauran akwatunan na karanta rubutu da murya ne, da gane magana, da gane rubutun hannu. Mai tattalin data ya cire musu alama, domin suna ƙara nauyin abin da za a sauke, kuma ana iya ƙara su daga baya.
7. A danna Installieren, watau Install, a jira har layin da ke nuna ci gaba ya cika.
8. Windows za ta nemi a fita daga asusu. A adana duk aikin da ke buɗe, a danna Abmelden, watau Sign out, sa'an nan a sake shiga.

Sai an fita an sake shiga sauyin yake bayyana. Mutane da yawa sukan ga girki ya ƙare, rubutu bai sauya ba, su ɗauka aikin ya lalace, alhali kuwa wannan mataki na ƙarshe kaɗai ya rage. Idan an manta ba a sa alama a akwatin nan na biyu ba, ba sai an sake saukewa ba. A koma shafin, a saman sa akwai wurin zaɓen Windows display language, a zaɓi sabon harshen a nan.

Maɓallan rubutu: inda aka fi yin tuntuɓe

Da malamin ya fita zai sake shiga, sai na'urar ta ƙi karɓar kalmar sirrinsa, wadda take da harafin Z a ciki. Ga dalili. Harshen da na'ura take nunawa daban, tsarin da take fassara maɓallai da shi daban. Sa'ad da aka ƙara Turancin Ingila, Windows ta haɗo shi da tsarin maɓallan Ingila. Amma maɓallan da ke ƙarƙashin yatsunsa na Jamus ne, waɗanda layinsu na sama yake farawa da QWERTZ maimakon QWERTY. Saboda haka in ya danna inda aka zana Z, sai na'urar ta rubuta Y. Da yake kalmar sirri ɗigo-ɗigo take fitowa, ba ya ganin kuskuren.

Maganin yana nan a shafin shiga. A kusurwar ƙasa ta hannun dama akwai gajeren suna mai haruffa uku, ENG ko DEU. A danna shi a zaɓi DEU, maɓallai su koma yadda aka zana su. Akwai kuma alamar ido a ƙarshen akwatin kalmar sirri. In an danne ta, za a ga ainihin abin da aka rubuta.

Bayan an shiga, sai a yi gyara na dindindin. A shafin harshe, a danna ɗigo uku da ke gefen English (United Kingdom), a zaɓi Language options, a gangara zuwa Keyboards, a danna Add a keyboard, a zaɓi German, sa'an nan a cire na Ingila. Ta haka fuskar na'ura tana Turanci, maɓallai kuwa suna rubuta abin da aka zana a jikinsu. Wanda hannunsa ya riga ya saba da tsarin Turanci yana iya barin na Ingila ko ya sa na Amirka, ya sayi 'yan takardun haruffa masu manne ya liƙa a kan maɓallan.

Alamar @ ita ce ma'auni mafi sauƙi na gane tsarin da ke aiki. A tsarin Amirka tana fitowa da Shift da 2. A na Ingila, Shift da 2 alamar zance suke bayarwa, @ kuwa tana can kusa da Enter. A na Jamus ana samunta da AltGr da Q. Na'urar da ta fito daga Faransa kuwa tsarinta AZERTY ne, kuma a cikinsa sai an danne Shift kafin lambobin layin sama su fito. Idan akwai tsari fiye da ɗaya a na'ura, maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara suna juyawa daga wannan zuwa wancan.

Ragowar baƙon harshe

Sauyin da aka yi na asusun mutum ɗaya ne. Shi ya sa malamin ya ga cewa a lokacin kunnawa da kashewa na'urar tana ci gaba da yi masa Jamusanci, haka kuma da ya buɗe wa matarsa nata asusun, sai ya fito da Jamusanci. Domin a gyara wannan, a danna maɓallin Windows da R, a rubuta:

```
intl.cpl
```

A shiga sashen Administrative, a danna Copy settings, a sa alama a Welcome screen and system accounts da kuma New user accounts, a danna OK, a sake kunna na'urar. Wannan mataki yana bukatar asusun da ke da ikon shugabancin na'ura. Sai bayan an yi shi ya kamata a yi tunanin cire tsohon harshen daga jeri.

Saura abubuwa uku waɗanda ƙunshin harshe ba ya taɓawa. Na ɗaya shi ne tsarin lamba da kuɗi. Jamusawa da waƙafi suke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, inda a Nijeriya ake sa ɗigo. In ba a gyara ba, malamin zai rubuta makin ɗalibi 62.5 a Excel, na'urar ta ƙi ɗaukarsa a matsayin lamba, jimla ta fito ba daidai ba. A shafin harshe, a mayar da Country or region zuwa Nigeria, Regional format kuma zuwa English (Nigeria). Wannan zai kawo ɗigo da alamar Naira.

Na biyu shi ne agogo. Lokacin Jamus daidai yake da na Nijeriya a watannin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sukan tura agogonsu gaba da awa guda. Na'urar da aka bari a kan lokacin Berlin za ta yi daidai wata biyar, ta yi gaba da awa ɗaya wata bakwai. A shafin Date & time a zaɓi (UTC+01:00) West Central Africa.

Na uku shi ne manhajojin da ke da nasu harshen. Word da Excel suna da wurin zaɓen harshe na kansu, a ƙarƙashin File, sai Options, sai Language, kuma wani lokaci sai an sauke musu nasu ƙunshin daban. Manhajar da aka girka da Jamusanci tun asali, mai yiwuwa sai an cire ta an girka ta Turanci.

Idan girki ya ƙi

Yawancin matsaloli daga intanet suke, kuma sake gwadawa a wurin da haɗi ya fi ƙarfi yakan wadatar. Amma akwai lamba guda da ta kamata mai sayen na'urar hannu ya sani, ita ce 0x800F0954. Ma'anarta galibi ita ce na'urar ta fito daga wani kamfani ko ma'aikata, kuma har yanzu tana neman kayan sabuntawa daga babbar na'urar wannan ma'aikata, ba daga Microsoft ba. Ƙara data ba zai yi magani ba. Irin wannan sai an kai wa masani ya cire tsohon umarnin, ko a mayar wa mai shago ya gyara.

A guji sauke ƙunshin harshe daga shafukan da ba na Microsoft ba. Kowane ƙunshi an yi shi ne daidai da wani bugu na Windows. Wanda bai dace ba ba zai girku ba, kuma ta irin waɗannan shafuka ne miyagun manhajoji suke shiga na'ura.

Hausa da Larabci fa?

Microsoft ta yi wa Hausa ƙunshi, ana kuma samunsa a Windows 10, wadda ta fito a shekarar 2015. Sai dai ba cikakke ba ne irin na Turanci ko Faransanci. Wuraren da aka fi amfani da su ne aka fassara, sauran kuwa suna fitowa da Turanci, saboda haka a kan Turanci ake ɗora shi. Wanda ya ga Hausa da Turanci a gauraye kada ya zaci lalacewa ce. Haka aka yi shi.

Abu biyu ya kamata a sani. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, watau ta daina aika mata gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Sa'an nan Windows 11 ta fito a shekarar 2021 ba tare da Hausa a cikin jerin harsunan da take nunawa ba. Alamar nan ta harafin A da aka ambata a mataki na uku ita ce za ta gaya wa kowa abin da tasa na'urar za ta iya.

Amma rubuta Hausa bai dogara da wannan ba. A Windows 10 da 11 duka ana iya ƙara Hausa a jerin harsuna domin a sami tsarin maɓallai mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Domin a ga inda kowane harafi yake, a juya zuwa tsarin Hausa, a rubuta `osk` a akwatin umarni, hoton maɓallan zai fito a fuskar na'ura.

Haka abin yake ga malaman Islamiyya da ɗaliban Larabci. Wanda yake so ya rubuta Larabci kawai, maɓallan Larabci yake bukata, ba sauya harshen na'ura ba. Larabci yana da cikakken ƙunshi, amma in an mayar da na'ura gare shi, duk shafuka sukan juya su fara daga dama zuwa hagu, abin da ke hagu ya koma dama. Wanda bai shirya wa haka ba, ya riƙe umarnin `ms-settings:regionlanguage`, domin da shi zai koma inda ya fito.

Tambayoyi domin bita

1. Wane umarni ake rubutawa domin a san irin Windows ɗin da ke cikin na'ura, kuma wane suna ne yake nuna ba za a iya sauya harshe ba?
2. An gama girka ƙunshi amma rubutu bai sauya ba. Wane mataki ya rage?
3. Me ya sa na'urar Jamus take iya ƙin karɓar kalmar sirri bayan an mayar da ita Turanci, kuma a ina ake gyarawa?
4. Wane gyara ake yi domin Excel ta karɓi 62.5 a matsayin lamba?
5. Mene ne bambanci tsakanin rubuta Hausa a na'ura da mayar da fuskar na'ura zuwa Hausa?